Murar Tsuntsaye: Abin da Ya Faru a Jaji da Abin da Ƙaramin Makiyayi Zai Yi

A ranar 8 ga Fabrairu, 2006, aka sanar wa duniya cewa an sami murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata babbar gonar kaji da ke Jaji, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi ta Jihar Kaduna. Wannan shi ne karo na farko da aka tabbatar da wannan nau'i a nahiyar Afirka. Rahoton da aka aika wa hukumar kula da lafiyar dabbobi ta duniya ya nuna cewa gonar tana da tsuntsaye kimanin 46,000, kuma kusan 40,000 daga cikinsu sun mutu. Amma akwai wata kwanan wata a cikin rahoton wadda ta fi waɗannan alkaluma ban tsoro, ita ce ranar da kajin suka fara mutuwa, watau 10 ga Janairu. Ke nan mako huɗu cur suka wuce tsakanin mutuwar farko da ranar da aka san sunan cutar, bayan an kai samfuri Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, sa'an nan aka tura shi wani ɗakin bincike a ƙasar Italiya don tabbatarwa.

A cikin waɗannan makonni motoci ba su daina shiga da fita gonaki ba, kasuwannin kaji ba su daina ci ba. Ko da sanarwa ta fito, kaji suna ta zuba a Kano da Filato. Kafin ƙarshen watan Fabrairu an tabbatar da cutar a Magarya, cikin Jamhuriyar Nijar, dab da iyaka. Kafin a shawo kanta a 2008 ta shiga jihohi 25 na Nijeriya, kuma tsuntsaye fiye da miliyan ɗaya sun mutu ko an kashe su. A 2013 aka bayyana cewa ƙasar ta rabu da ita, sai ga shi ta sake ɓulla a Kano da Legas a farkon 2015, ta ci tsuntsaye fiye da miliyan uku, ta kuma dawo a 2021.

Ba za a iya ɗora wa jinkirin Jaji laifin kome da kome ba, domin binciken da aka yi daga baya a kan gadon halittar ƙwayar cutar ya nuna cewa ta shigo Nijeriya ta hanya fiye da ɗaya. Duk da haka labarin ya fito da gaskiya guda a fili. Wannan cuta sa'o'i take ƙirgawa, mutane kuwa sukan ƙirga makonni, kuma a cikin wannan tazara ne ake yin yawancin asara.

Me ya sa kaza ke mutuwa farat ɗaya?

Abin da ke haddasa cutar ƙwayar bairus ce daga dangin mura da ake kira rukunin A. A jikin kwansonta akwai ƙayoyi iri biyu. Na farko, wanda ake yi wa alama da harafin H, shi ne mabuɗin da take buɗe ƙwayar halittar tsuntsu da shi ta shiga. Na biyu, mai alamar N, shi ke yanke ta daga jikin ƙwayar halittar bayan ta hayayyafa, don 'ya'yanta su bazu. An san H iri 16 da N iri 9 a jikin tsuntsaye, kuma daga haɗuwarsu ake samun sunaye irin su H5N1 da H7N7. Asalin mazauninsu shi ne hanjin tsuntsayen ruwa na daji, dangin agwagwa da dinya, waɗanda galibi sukan ɗauke su ba tare da sun nuna wata alama ba.

Yawancin waɗannan nau'o'i masu sauƙi ne. Idan suka kama kaza, sai ta yi ɗan atishawa, ƙwai ya ragu, ta warke. Dalili kuwa shi ne mabuɗin nan na H ba ya aiki sai an tsaga shi gida biyu, kuma ƙwayar cutar ba ta da abin tsagawa nata na kanta, sai ta ari wani sinadari daga jikin kazar, wanda ke aiki kamar almakashi. A nau'i mai sauƙi, almakashin da ya dace da mabuɗin yana cikin hanyar numfashi da hanji kaɗai, don haka can cutar ke tsayawa. To amma nau'in H5 da H7 suna da wata mummunar ɗabi'a. Idan suka daɗe suna yawo cikin garken kaji, wurin tsagawar nan yakan canza, har ya dace da wani almakashi da ke cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jiki. Daga nan babu inda cutar ba ta shiga: zuciya, ƙwaƙwalwa, hanta, saifa, da bangon jijiyoyin jini. Jijiyoyi sukan fara yoyo, gaɓoɓin ciki su lalace a lokaci guda. Wannan shi ne dalilin da ya sa kazar da ta ci abinci da yamma ake tarar da ita a sanƙare da asuba, wani lokaci da ƙwai a cikinta, ba ta ko sami zarafin ramewa ba.

Sunan mura da aka laƙaba wa cutar yakan ruɗi mutane, su tsaya jiran tari da majina. A nau'i mai tsanani, mutuwa kan riga tari zuwa. Mutanen Italiya da suka fara bayyana cutar a 1878 annobar kaji suka kira ta, kuma sunansu ya fi dacewa da ita. Sai a 1955 aka gane cewa 'yar gidan mura ce. Zuriyar H5N1 da ta iso Jaji an fara ganinta ne a jikin dinyar gida a kudancin ƙasar Sin a 1996, kuma jikokinta ne suka bazu a duniya, har suka kai ga kama shanun madara a Amirka a 2024.

Gonar kaji ɗari biyar

Don a ga yadda abin ke gudana, a ɗauka ga wani malamin makaranta da ke kiwon kajin ƙwai 500 a bayan gidansa, a ɗaki ɗaya mai shimfiɗar garin katako. Alkaluman da za su biyo baya misali ne, amma an gina su bisa yadda irin wannan garke yake a zahiri.

Kazar ƙwai tana cin kimanin giram 110 zuwa 120 na abinci a yini. Kaji 500 ke nan suna cin kilo 55 zuwa 60, watau buhu biyu masu kilo 25 da ɗan ɗori. Ruwan da suke sha ya kai ninki biyu na nauyin abincin, ya ma fi haka lokacin bazara. Idan kashi 80 cikin 100 suna yin ƙwai, ana kwasar 400 a rana, kiret 13 da ƙwai goma. Mutuwa kuwa, a garke mai lafiya na wannan girma, ba ta cika wuce kaza ɗaya a mako ba. Duk wanda ya san waɗannan lambobi huɗu na gonarsa, ya mallaki ma'aunin da ya fi kowace na'ura amfani a kwanakin farko. Wanda ba ya rubuta su kuwa, ba zai ga canji ba sai gawa ta yi tuli.

Ranar Litinin aka tarar da kaza ɗaya ta mutu. Ba wanda zai damu, kuma babu laifi a kan haka. Ranar Talata uku suka mutu, duk a kusurwa guda, kusa da mashaya ɗaya. Yaron da ke zuba abinci ya lura cewa an bar saura a mazubi, abin da ba a saba gani ba. Ranar Laraba tara suka mutu, ƙwai ya sauko daga kiret 13 zuwa 11, wasu ma ɓawonsu taushi gare shi. Ɗakin ya yi tsit. Duk mai kiwon kajin ƙwai ya san hayaniyar da suke yi da hantsi, kuma ɗaukewar wannan hayaniya alama ce babba. Ranar Alhamis arba'in, ranar Juma'a fiye da ɗari da hamsin. Kafin mako ya zagayo da wuya a sami saura, domin nau'i mai tsanani yakan kashe kashi 90 zuwa 100 cikin 100 na kajin da ya kama, sau da yawa cikin kwana biyu da fara nuna alama.

A wace rana ya kamata malamin ya kai rahoto? A ƙasar Holan, bayan annobar 2003 da ta jawo kashe tsuntsaye kimanin miliyan 30, an kafa ƙa'idar cewa idan mutuwa ta kai rabin kashi ɗaya cikin 100 a rana, kwana biyu a jere, wajibi ne a sanar da hukuma. Rabin kashi ɗaya cikin 100 na 500 shi ne biyu da rabi, a ce uku. Talata uku, Laraba tara: da safiyar Laraba sharaɗi ya cika. Wannan ƙa'idar wata ƙasa ce, amma lissafinta ya dace da kowace gona, kuma ɗalibin aji uku zai iya yi wa iyayensa shi. Abin lura a ciki shi ne yadda adadin ke ninkuwa. Zafin rana yakan kashe kaji da yawa a yini guda, da la'asar, ya tsaya idan iska ta yi sanyi. Guba a abinci ko ruwa takan buge garke gaba ɗaya a lokaci guda. Cutar da ke yaɗuwa kuwa daga wuri ɗaya take farawa, ta riƙa ruɓanya kowace safiya. A gonar keji takan bi layi sannu a hankali, don haka ta fi wuyar ganewa da wuri.

Kajin da suka ɗan jima kafin su mutu sukan nuna alamu a jiki. Kai da fuska sukan kumbura, musamman gefen ido. Zanko da leɓar wuya sukan rine su koma shuɗi-shuɗi ko baƙi-baƙi. A ƙwaurin ƙafa, inda babu gashi, akan ga jini ya kwanta ƙarƙashin fata kamar an doke ta da sanda. Akan ga zawo kore, da wahalar numfashi, wasu kuma su riƙa tangaɗi ko murɗe wuya. Talo-talo ya fi kaza saurin faɗuwa. Agwagwa kuwa tana iya ɗauke da cutar tana yawonta garau, ko da yake nau'o'in shekarun baya-bayan nan sukan kashe ta ita ma.

Ido ba ya yanke hukunci

Babbar matsalar ita ce akwai wata cuta da ta yi kama da wannan kamar an tsaga kara, watau cutar Niyukasil, wadda kowace shekara take share kajin Hausa da hunturu. Zawo kore, murɗe wuya, mutuwa da yawa, duk tana kawo su. Kwalarar kaji ma tana kashe manyan kaji ba zato, tana kumbura leɓa. Gumboro tana kisa da sauri, sai dai ta fi kama 'yan mako uku zuwa shida. Saboda mutane sun saba da waɗannan, da kaji sun fara zuba sai a ce ai ciwon sanyi ne na kullum, a nufi kantin magani.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata su tayar da hankali. Na ɗaya, idan an yi wa garke rigakafin Niyukasil a kan kari, amma yana mutuwa kamar ba a yi ba. Na biyu, idan an zuba maganin kashe bakteriya a ruwa kwana biyu ba a ga sauƙi ba. Irin wannan magani yana iya rage kwalarar kaji, amma ba ya taɓa bairus ko kaɗan, kuma kwana ukun da akan ɓata ana jiran ya yi aiki su ne kwanakin da cutar ke tsallakawa maƙwabta. Ko ƙwararren likitan dabbobi ba zai rantse a kan wace cuta ce ba ta hanyar dubawa da ido ko feɗe gawa. Abin da yake yi shi ne ya sa kayan kariya, ya goga tsinken auduga a maƙogwaro da duburar kaza, ya ɗebi wasu gaɓoɓin ciki, ya sa cikin ƙanƙara, a aika Vom. A can akwai gwajin da ke gano gadon halittar ƙwayar cutar kai tsaye, wanda aikinsa bai wuce na sa'o'i ba idan samfuri ya isa da kyau. Gawar da ta kwana biyu a rana ba ta da amfani ga mai bincike. Mai gona kuma kada ya feɗe kazar da kansa, kada ya ɗaure ta a bayan babur ya ratsa gari da ita don ya nuna wa likita. Likita ake kira ya zo.

Wajibcin kai rahoto

Murar tsuntsaye tana cikin cututtukan da doka ta wajabta a sanar da su. A Nijeriya Dokar Hana Yaɗuwar Cututtukan Dabbobi ta 1988, wadda aka sabunta a 2022, ta ɗora wa mai dabba nauyin sanar da jami'in lafiyar dabbobi idan ya yi zargin irin wannan cuta. Zargi kawai ya isa, ba sai ya tabbatar ba. Rahoto yakan tashi daga asibitin dabbobi mafi kusa zuwa ga daraktan lafiyar dabbobi na jiha, daga nan zuwa ga babban likitan dabbobi na ƙasa, shi kuma ƙa'ida ta ba shi sa'a 24 bayan tabbatarwa ya sanar da hukumar duniya da ke birnin Faris. Duk wannan tsani a kan matakala ɗaya yake tsaye, watau mutumin da ya buɗe ƙofar ɗakin kaji da safe.

Me ke hana shi magana? Tsoro ne, kuma ba tsoron banza ba. Idan aka tabbatar da cutar, za a killace gonar, a kashe duk tsuntsayen da suka rage, a binne su tare da ƙwai da abinci da taki, a yi feshi, a hana zirga-zirgar kaji a kewayen wurin. A ɓarkewar 2006 da ta 2015 wannan hanya gwamnati ta bi, ba ta allurar rigakafi ba. A 2006 diyyar da aka fara bayarwa naira 250 ce a kan kowace kaza, abin da bai kai kuɗin kazar ƙwai a kasuwa ba, sai daga baya aka ƙara. Bayan annobar 2015 ma manoma da yawa sun daɗe suna jiran biya. Tsarin da ke so mutane su faɗi gaskiya amma yana jinkirin biyansu, shi da kansa yake koya musu ɓoyewa, kuma wannan laifin ba na makiyayi ba ne.

Amma ko ta fuskar aljihu, ɓoyewa ba ta da riba. Bisa al'ada ana ƙirga diyya ne a kan tsuntsayen da jami'ai suka tarar da rai suka kashe, ban da waɗanda cuta ta riga ta kashe. Malamin da ya kai rahoto ranar Laraba yana da kaji 487 a tsaye. Idan ya jira Asabar, ƙila bai kai rabin haka ba. Hanya ta uku, wadda ita ce mafi muni, ita ce ya kira dillali da daddare ya karya masa farashi. Kajin da ke da alamar lafiya a ranar suna iya kasancewa sun riga sun kamu, domin cutar takan ɓuya daga 'yan sa'o'i zuwa kwana uku a jikin kaza ɗaya, har zuwa kwana 14 a garke. Gobe suna kasuwa, cikin keji ɗaya da kajin ƙauyuka goma. Waɗanda ba a saya ba a mai da su gida, kejin kuma ya wuce wata gona ɗaukar kaya. Duk lokacin da aka ga kajin gidan gona sun cika kasuwa da arha ba dalili, mai hankali ba ya kai su gidansa.

Tsakanin kiran likita da isowarsa akwai aikin da ya rage wa mai gona. Ya rufe ƙofa: kada kaza, ko ƙwai, ko taki, ko buhun abinci, ko kiret ya fita. Mutum ɗaya kaɗai zai riƙa shiga, da takalmin roba da safar hannu da abin rufe hanci da baki, ban da yara da mai ciki. Gawawwaki a ɗauke su da leda, a ƙulle, a ajiye inda kare da kyanwa da ungulu ba za su kai ba, a ware sababbi biyu ko uku a inuwa saboda likita. Idan jami'ai suka yi nisa har wari ya fara, a haƙa rami mai zurfi cikin harabar gonar, nesa da rijiya, a binne. Jefa su a bola ko a kwata daidai yake da rarraba cutar ga unguwa. Ya kuma gaya wa maƙwabtansa masu kaji su kulle nasu, ya tuna duk wanda ya shigo gonar cikin mako biyu da suka wuce, domin wannan ce tambayar farko da za a yi masa.

Wuƙa kafin ta zama mushe

Akwai wata al'ada da ke da kyakkyawan dalili a sauran lokuta, amma a nan tana da haɗari. Idan aka ga kaza tana layi, akan yi maza a sa mata wuƙa kafin ta zama mushe, a fige, a dafa. Naman da ya dahu sosai, har zafin cikinsa ya kai digiri 70 a ma'aunin Salshiyas, ba ya ɗauke da ƙwayar cutar da rai. Haɗarin yana wajen yanka da figa da gyaran kayan ciki, lokacin da jini da ƙura da gashi ke tashi zuwa ido da hanci, kuma galibi mata da yara ke wannan aiki. Cutar ba ta kama mutum da sauƙi, ba ta kuma saba wucewa daga mutum zuwa mutum ba, amma idan ta kama tana da tsanani. A Hon Kon a 1997 mutum 18 suka kamu, shida suka rasu. Daga 2003 zuwa 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum fiye da 900 da suka kamu da H5N1, kusan rabinsu sun rasu. A cikinsu akwai wata budurwa 'yar shekara 22 da ta rasu a Legas a watan Janairu na 2007. Don haka duk wanda ya taɓa kajin da ake zargi ya lura da jikinsa kwana goma. Idan zazzaɓi, ko tari, ko jan ido ya taso, ya je asibiti, ya kuma faɗi da bakinsa cewa kajinsa sun mutu, don kada a sallame shi da maganin zazzaɓin sauro.

Da ƙafa take shigowa

Akan ɗora wa tsuntsayen daji laifi, kuma suna da nasu rabo. Agwagin da ke tasowa daga Turai da Asiya suna yin hunturu a dausayin Haɗeja da Nguru da Tafkin Cadi, kuma suna iya kawo sabon nau'i cikin ƙasa. Sai dai daga gona zuwa gona, mutum ne babban mai dako. Ƙwayar cutar tana fita da yawa a cikin kashi da majinar kaza, kuma tana jure zama a waje: an auna ta ta rayu kwana 35 a cikin kashi a sanyin digiri 4, kwana shida a zafin digiri 37. Ke nan ɗan kashin da ya maƙale a tafin takalmi a kasuwa ranar Lahadi yana da sauran ƙarfi ranar Alhamis, balle da sanyin hunturu.

Idan malamin nan ya zauna ya lissafa waɗanda suka tsallaka ƙofarsa, zai sami mai sayen ƙwai da ke zuwa da kiret na kwali wanda ya zaga gonaki biyar, da mai kawo abinci, da mai sayen taki don noman rani da tsofaffin buhunansa, da mai yi wa kaji allura wanda ya fito daga wata gona da riga ɗaya da sirinji ɗaya, da abokin da ya zo ganin yadda kiwo ke tafiya. Zai kuma tuna da agwagi biyu da zabi da tattabarun uwargida da ke kiwo a tsakar gida, suna sha daga kwatar da ke bayan ɗakin kajin.

Maganin wannan matakai uku ne, kuma jerinsu yana da muhimmanci: rabewa, wankewa, sa'an nan feshi. Rabewa ita ce mafi ƙarfi kuma mafi arha. A ja layi a ƙofar ɗakin kaji, ko da da bulo ne ko benci, a ajiye takalmin roba da riga waɗanda ba sa fita, a bar na waje a waje. Mai sayen ƙwai ya tsaya a ƙofar gida, a juye masa ƙwai a kiret ɗinsa a can, kiret ɗin kwali da ya fita kada ya dawo, domin ba ya wankuwa. Na roba ya fi, tun da ana iya wanke shi. A toshe ɗaki da ragar waya don gwara da tattabara kada su shiga mazubin abinci, a shayar da ruwan rijiya ko na famfo, ban da na kududdufi ko tafki inda tsuntsayen daji ke sauka. Agwagwa da kaza kada su haɗa wuri. Sabuwar kaza, ko ta kyauta ce daga surukai, ko wadda aka kai kasuwa ba ta sayu ba, a keɓe ta nesa mako biyu zuwa uku, a kuma riƙa duba ta bayan an gama da sauran. Wanda ya je kasuwar kaji ya yi wanka ya sake tufafi kafin ya leƙa nasa.

Wankewa ta zo ta biyu saboda wata sa'a da aka yi: kwanson wannan bairus na maiƙo ne, sabulu da omo suna narkar da shi. Buroshi da ruwan omo suna kawar da mafi yawan ƙwayoyin da ke jikin takalmi ko keji ko tayar baro. Feshi da maganin kashe ƙwayoyin cuta shi ne na ƙarshe, kuma shi mutane suka fi dogara da shi alhali shi ya fi saurin cin amana. Kwanon tsoma ƙafa da ake gani a ƙofar gonaki da yawa, wanda ruwansa ya yi mako guda a rana ya koma laka, kwanciyar hankali kawai yake ba mai gona. Kashi da ƙasa suna kashe ƙarfin irin waɗannan magunguna, musamman ruwan bilic. Kwanon yana aiki ne idan an fara kankare takalmi da buroshi, an haɗa maganin bisa ma'aunin da ke jikin kwalba, an ajiye shi a inuwa, ana sake shi kullum ko da zarar ya yi dauɗa, kuma takalmin ya jiƙa na 'yan mintoci. Tsomawa a fito nan take ba ta kashe kome.

Mai kajin Hausa da ke yawo a unguwa ba zai iya duk wannan ba, amma idan labari ya zo cewa kaji suna mutuwa a ƙauyen gaba, zai iya kulle nasa a akurki yana ba su dusa da tsaki har ƙura ta lafa, ya kuma dakatar da sayen sababbi.

Gonar da cutar ta riga ta shiga kuwa, ba a gaggawar mai da kaji cikinta. Bayan an kwashe shimfiɗa an binne, an wanke bango da daɓe da mazubai da omo, an yi feshi, akan bar ɗakin fayau aƙalla kwana 21, kuma jami'an lafiyar dabbobi suna iya tsawaita wa'adin. Wani lokaci sukan sa 'yan kaji kaɗan a ciki na gwaji, su zauna mako uku ana duba su, in sun fita lafiya sa'an nan a ba da izinin zuba sabon garke.